Kafin ka zuba kuɗi a gem ɗin Pokémon, fara sanin yadda kowanne ke lissafin kamu

Ƙanina ne ya jawo wannan rubutun, ya tara ɗan kuɗinsa yana ta tambayata wai ya sayi Switch na hannu da kaset ɗin Scarlet ne, ko ya zauna a Pokémon GO ɗinsa na waya ya dinga sayen koin. Na ce masa kai tsaya tukuna, gem ɗin nan sunansu ne kawai ɗaya, lissafin da ke cikinsu ba ɗaya ba ne, kuma wanda bai san lissafin ba shi ne zai ta jifa da ƙwallo mai tsada yana cewa gem ta tsane shi.

Bari in fara da asalin layin, wato tun daga Red da Green na 1996 har zuwa Scarlet da Violet na 2022. Kowace halitta tana da wata lamba a ɓoye, mafi girma 255, ita ce sauƙin kamunta. Magikarp da Caterpie 255 ne, ko da wasa ka jefa sau da yawa suna shiga. Pikachu 190, Eevee 45, Snorlax 25, shi kuwa Mewtwo 3 kacal. Ga yadda ake haɗa lambar a FireRed da LeafGreen na 2004, na zaɓe su ne don lissafinsu ya fi sauƙin bi:

```
a = (3*MaxHP - 2*HP) * rate * ball / (3*MaxHP) * status
```

MaxHP cikakken jinin halittar ne, HP jinin da ya rage mata, rate lambar sauƙin kamun, ball ninkin ƙwallon da ka jefa, status kuma ninkin barci ko makamancinsa. Idan sakamakon, wato a, ya kai 255 an kama kenan babu gardama, idan bai kai ba to damarka kusan wannan sakamakon ne cikin 255. Girgizar nan da ƙwallon ke yi a ƙasa ba komai ba ce illa gem na gwada lambar, danna maɓalli da ƙarfi ko riƙe B ba ya ƙara komai, duk mun yi wannan camfin muna yara.

Mu ɗauki Snorlax ɗin nan mai kwanciya ya tare hanya. In jininsa a cike yake ka jefa Poké Ball, kashi ɗaya cikin uku na 25 ɗin kawai kake samu, wajen 8 kenan, wato kamar kaso 3 cikin 100. Ka canza zuwa Ultra Ball mai ninki biyu, ka koma kaso 6 da rabi, har yanzu dai asara ce. To amma ka bar Poké Ball ɗinka mai arha, ka bugi Snorlax har jininsa ya kusa ƙarewa, lambar ta dawo kusan 25, kaso 10 kenan, ka sa shi barci ta ninka ta zama kusan kaso 20. Ka ga ba ka ƙara ko sisi ba ka ninka damarka sau shida. Sai a nan ne Ultra Ball ke da ma'ana, ta kai ka wajen kaso 39.

Ga inda maganar kuɗi ta shigo. A shagon FireRed Poké Ball 200 ce, Great Ball mai ninki ɗaya da rabi 600, Ultra Ball 1200. Kuɗin Ultra ɗaya zai saya maka Poké Ball shida, kuma jifa shida a kan kaso 20 yana ba ka wajen kaso 73 na kamawa, ita kuwa Ultra ɗaya 39. In dai aljihu ake dubawa ƙaramar ta ci. Abin da kake saya da Ultra Ball lokaci ne, domin kowane jifa zagaye ɗaya ne da abokin faɗa zai rama, kuma shi Snorlax ɗan rainin hankali ne yana da Rest, ka gama wahalar rage masa jini ya kwanta ya cike abinsa tas. Da irinsa gara ka gama da wuri. Da su Pidgey kuwa wallahi ɓarnar kuɗi ce.

A sababbin gem ɗin an ɗan gyara, barci da daskarewa sun koma ninki 2.5, shanyewa da guba da ƙuna suna nan a 1.5, Ultra Ball ta sauko 800, sannan yadda ake juya lambar zuwa kaso ya ɗan fi sassauci. Abin da ya fi canza wasan shi ne ƙwallaye na musamman. Quick Ball ninki 5 ce amma a zagayen farko kaɗai, bayan nan ba ta fi Poké Ball ba. Dusk Ball ninki 3 da dare ko cikin kogo, Net Ball 3.5 ga jinsin ruwa da ƙwari, Timer Ball kuma tana hawa a hankali har ninki 4 in faɗa ya yi tsawo. Ni dai in zan shiga shago a Scarlet, Quick da Dusk nake fara lodawa. Abu ɗaya da ke kama sababbin zuwa a Scarlet da Violet, gem ɗin ta bar ka ka yawata ko'ina, sai ka je ka ci karo da halitta mai lebul sama da abin da bajojinka na cin shugabannin Gym suka kai, a nan gem na rage maka damar kamu, kai kana zaton rashin sa'a ne alhali bajo ne ba ka da shi.

Yanzu jinsi. Guda 18 ne a yau, da 15 aka fara, aka ƙara duhu da ƙarfe a Gold da Silver a 1999, sai Fairy a X da Y a 2013. Ƙa'idar a asalin layin mai kaifi ce, bugun da ya fi ƙarfin jinsi ninki 2, wanda aka fi ƙarfinsa rabi, wani kuma sifili gaba ɗaya. In halitta jinsi biyu gare ta sai a ninka su da juna, shi ya sa Gyarados mai ruwa da tashi yake shan ninki 4 daga lantarki, Charizard ma 4 daga dutse. Swampert kuwa ruwa ne da ƙasa, kana ganin ruwa ka ce bari in sa masa lantarki, sifili za ka samu saboda ƙasar da ke jikinsa, amma ciyawa na yi masa ninki 4. Akwai kuma ƙarin 1.5 idan bugun jinsinsa ɗaya da mai yin sa.

Mutane da yawa ba sa lura cewa wannan tebur ɗin yana shiga harkar kamu kai tsaye. Bugun ninki 4 shi ne ke kashe maka abin da kake son kamawa, lokacin farauta bugu mai rauni kake nema. False Swipe shi ne maganin wannan, kullum yana barin jini 1, sai dai jinsinsa Normal ne, ba ya taɓa fatalwa irin su Gastly ko kaɗan. Thunder Wave ba ya kama jinsin ƙasa, sannan tun daga X da Y garin barci irin Spore da Sleep Powder ba ya aiki a kan jinsin ciyawa. In ka ga allo ya ce abin bai yi tasiri ba, ba gem ce ta lalace ba.

To sai Pokémon GO ta 2016, wadda kyauta ake saukewa. A nan babu rage jini babu sa barci a kamun daji, yatsanka ne komai. Lissafin da 'yan wasa suka tono ya nuna ana ninka abubuwa biyar ne, ƙwallo 1 ko 1.5 ko 2, jifan murɗe 1.7, Razz Berry 1.5 ko Golden Razz 2.5, kyawun jifa wanda Excellent ke bayar da tsakanin 1.7 da 2, sai lambar yabo ta jinsi wadda ta zinariya ke ba da 1.3. Duba da kyau, murɗa ƙwallo kawai, wanda kyauta ne, ya fi canzawa daga Poké Ball zuwa Great Ball. Kuma lebul ɗin halittar na rage dama, mai babban CP, wato makin ƙarfi, ya fi taurin kai. Manyan nan da ake samu bayan an ci Raid, wato faɗan taron dangi da babbar halitta, yawancinsu jifan banza bai kai kaso 2 ba, amma da Golden Razz da murɗe da Excellent da lambar zinariya kana kai wajen kaso 16 a kowane jifa, da jifa goma kuwa ka haura kaso 80. Kalar zoben da ke jikin halittar ita ce ke gaya maka gaskiya, kore sauƙi, ja wahala, ka ba ta 'ya'yan itace ka ga kalar ta sauya.

Jinsi ma a GO an tausasa shi, 1.6 maimakon 2, 2.56 maimakon 4, kuma babu sifili, inda asalin layin ke cewa bai taɓa ba a nan kusan 0.39 ne. Swampert ɗin nan da lantarki ba ya taɓawa, a GO yana jin 0.625. Don haka wanda ya koyi wasa a waya yana shan mamaki ranar da ya riƙe Switch.

Matsalar GO a wajenmu ba lissafi ba ce, wuri ne. Ƙwallaye daga PokéStop, wato wasu wurare na zahiri da gem ta sa wa alama a taswira, ake samunsu kyauta, in kana tsakiyar birni kamar Kano ko Kaduna ko Abuja ka iya samun na kusa, in unguwarku babu sai ka koma sayen ƙwallo da koin, kuma wannan shi ne sayayya mafi muni a gem ɗin tunda abu ne da ke ƙarewa a yini ɗaya. Ga data, ga GPS na zuƙe batir, ga yawo da waya a hannu a titi wanda kowa ya san haɗarinsa. Ka sauke ta ka duba taswirar unguwarku na kwana uku kafin ka kashe ko naira ɗaya.

Akwai biyu a tsakiya. Let's Go na 2018 jifa ne irin na GO amma faɗan masu horarwa da tebur ɗin asali, ya dace da yaro ko wanda ke tahowa daga waya, sai dai halittun farko 151 ne da ɗan ƙari. Legends: Arceus na 2022 kuwa laɓe ne, ka ɓuya a ciyawa ka jefa ta bayan halitta a ƙara maka dama, ƙwallayen ma da kanka kake haɗawa da Apricorn da Tumblestone, kuma har yanzu kana iya yin faɗa ka rage jini in ta gan ka.

Ƙanin nawa dai mai son lissafi ne, unguwarsu kuma PokéStop ɗaya ce tal, ita ma sai ya hau adaidaita, don haka na ce ya nemi Switch ɗin da kaset na hannu, ya gwada kaset ɗin a gaban mai shago, ya kuma juya sandunan Joy-Con ya tabbatar ba sa tafiya da kansu kafin ya miƙa kuɗi. Scarlet tana ɗan sassarƙewa a tsohon Switch, na gaya masa wannan ma, ya ce ya ji ya gani.