Imel ko kiran waya, idan binciken ɗaukar aiki ya ja lokaci?

"Assalamu alaikum. Na yi intabiyu a wata ƙungiyar agaji, sun ce na ci, saura su tantance takarduna su kuma tuntuɓi waɗanda na ba da sunayensu. Yau mako biyar ke nan shiru. In kira su a waya ne ko in tura imel? Ina gudun kar su ce na cika naci."

Wa alaikumus salam. Imel za ka tura, ɗan'uwa. Amma kafin ka rubuta komai, ɗauki wayar ka kira mutanen da ka ba da sunayensu, ɗaya bayan ɗaya, ka tambaye su ko saƙo ya iso musu, kuma ko sun amsa. A nan ne waya take da amfani, domin sau da yawa can aikin yake maƙalewa, ba a teburin jami'in ɗaukar ma'aikata ba.

Ni ma na taɓa zama inda kake, lokacin da wata ma'aikata ta ce min saura bincike. Da shirun ya yi yawa sai na koma kan saƙon ƙarshe da jami'ar ɗaukar ma'aikatansu ta turo min, na danna Reply, na gaishe ta, na tambaye ta wane ɓangare ne ya rage. Washegari ta amsa cewa takardun karatuna sun wuce, shaidar mutum ɗaya ta shigo, ta tsohon maigidana ce kawai suke jira. Na kira shi, ashe bawan Allah ya koma wata ma'aikatar, adireshin da aka aika wa fom ɗin kuwa an rufe shi bayan tafiyarsa. Ya ba ni sabon adireshinsa na ofis, na tura wa jami'ar, ta sake aikawa. Shi ma sai da ya leƙa cikin Spam ya tarar da fom ɗin, ya cike shi a daren. Cikin makon nan ofa, wato wasiƙar ɗaukar aiki, ta fito. Har yau ina yi wa matar nan addu'a, domin amsarta mai layi biyu ce ta warware komai. Ta kuma iya ba ni ita ne saboda rubutu ya ba ta sararin buɗe fayil ta duba kafin ta yi magana.

Abin da ya sa nake fifita imel ke nan. Jami'in da kake nema galibi ba shi ne mai yin binciken da hannunsa ba. Manyan ma'aikatu da bankuna kan ba wani kamfani na daban kwangilar, shi kamfanin ya rubuta wa jami'arku, ya tabbatar da takardar NYSC, ya duba sakamakon WAEC ko NECO, ya aika wa tsofaffin wuraren aikinka fom. Na jami'a kan fi jan lokaci, tunda sai wasiƙa ta bi ta ofishin magatakarda an binciko fayil, in kuwa ta faɗo lokacin yajin aikin ma'aikatan da ba malamai ba, sai a zauna jira. Saƙon imel jami'in zai iya tura shi kai tsaye ga kamfanin binciken, ga sunanka, ga lambar gurbin, ga kwanan wata.

Kiran waya kuwa, abin da za ka samu bai wuce "muna kan aiki, za mu neme ka" ba, ka ajiye waya ba ka ƙaru da komai ba. WhatsApp ma kar ka fara, sai in su ne suka soma yi maka magana ta can.

Ka rubuta shi da harshen da kuka saba mu'amala, gajere, ba tare da ƙorafi ba. Ma'anarsa ta zama kamar haka: "Barka da aiki. Ina tuntuɓa ne game da gurbi kaza, wanda na miƙa takardun tantancewarsa ranar kaza ga wata kaza. Ko akwai ɓangaren da ya rage wanda zan iya taimakawa a kai, kamar sabon adireshin wani daga cikin masu shaidata ko kwafin wata takarda? Na yi magana da su, kuma a shirye suke su amsa. Har yanzu ina da sha'awar aikin sosai. Zan ji daɗi idan za ku iya sanar da ni lokacin da kuke sa ran kammalawa. Na gode."

Ka lura ba a ce "me ya sa kuka yi shiru" ba. Wanda ya tambayi abin da ya rage, ya kuma miƙa taimako, ba a kiransa mai naci, sauƙaƙa musu aiki ya yi. Kar ka sa shugaban ma'aikatar a kwafi, kar kuma ka ce wasu suna nemanka sai in da gaske kana da wata ofa mai wa'adi. In kana da ita, faɗi ranar da za ka ba su amsa, wannan kan sa a hanzarta. Ka tura da safe a ranar aiki, ba yammacin Juma'a ba. Mako biyar ya isa, ba ka yi gaggawa ba. Idan mako guda ya wuce ba amsa, ka sake turawa a kan wancan saƙon, layi biyu kawai. Bayan na biyun ne kira ɗaya zuwa lambar ofis yake da ma'ana.

Daga amsarsu za ka gane inda kake. In suka ambaci takamaiman abu, to kana cikin layi, sai ka bi abin. Idan saɓanin suna ne tsakanin takardar sakandare da ta digiri, ko kwanan watan barin wani aiki bai yi daidai da abin da ka rubuta ba, ka yi bayani a rubuce tun da wuri, ka haɗa da takardar rantsuwa ta kotu ko wasiƙar barin aiki. Irin wannan ba ya kayar da mutum idan shi ya fara fito da shi. In kuwa amsar kullum "muna jiran amincewa daga sama" ce, a ƙungiyoyin agaji wannan kan nufin kuɗin shirin ne bai sauko daga masu ba da tallafi ba, kuma ba abin da saƙonka zai canja. Ka ci gaba da neman wasu wuraren.

Ba ka tambaya ba, amma sai na faɗa maka, domin a daidai wannan gaɓar ake cutar mutane. Za ka iya samun kira daga wani ya ce daga kamfanin bincike yake, fayil ɗinka ya maƙale, ka turo kuɗi a fito da shi. Ƙarya ne. Ma'aikatar da ke son ɗaukarka ita ke biyan kamfanin da ta ɗauka. Abin da za a iya cewa ka nemo da kuɗinka shi ne irin takardar shaidar hali ta 'yan sanda, ita kuma ta shafin intanet na 'yan sanda mai suna POSSAP ake neman ta, ba ta asusun wani mutum ba. Duk wanda ya nemi lambar sirrin katinka ko lambar da banki ya turo maka a waya da sunan tantancewa, kashe wayar, ka rubuta wa jami'in ka tambaya ko sun san shi. Haka masu cewa za su sayar maka da wasiƙar shaida daga kamfanin da ba ka taɓa yi wa aiki ba: kira ɗaya masu bincike za su yi asiri ya tonu, ofa ta tafi, sunanka ya ɓaci.

Idan kana wani aikin yanzu, don Allah kar ka miƙa takardar ajiye shi. Duk wasiƙar ɗaukar aiki da sabuwar ma'aikatar ta ba ka, in an rubuta cewa sai bincike ya kammala, ofa ce mai sharaɗi, kuma za a iya janye ta. Ka jira wadda ba sharaɗi a cikinta, mai ranar fara aiki da sa hannu, sannan ka ba wurin da kake wa'adin da ke cikin yarjejeniyarku. In sabuwar ma'aikatar ta matsa a kan ranar farawa, ka gaya musu a rubuce cewa wa'adin naka zai fara ƙirguwa ne daga ranar da wasiƙar ƙarshe ta iso hannunka.