Wane irin bidiyon talla za ka biya wa fankarka mai caji?

Da zarar zafin Afrilu ya sauka a Katsina, masu shagunan kayan wuta a Babbar Kasuwa da wajajen Ƙofar Ƙaura sai su fara neman yaran da za su yi musu bidiyon fanka mai caji, a ɗora a TikTok da WhatsApp. Kafin ka biya, Alhaji, ka ce a nuna maka rubutun abin da za a faɗa. Iri uku za ka gani, kuma ba ɗaya suke ba.

Na farko zuga ce zalla: fanka ta kece raini, awa goma tana yi, a garzayo kafin ta ƙare. Shi ya fi araha, don mai yin sa ko kunna fankar bai yi ba, kwali ya karanta. Kaya za su fita a makon farko, a na biyu kuma su fara dawowa. Ga shi malamai sun sha faɗa mana, wanda aka ɓoye wa aibin kaya yana da damar mayar da su.

Na biyu ya fi wayo, ni kuwa ya fi ba ni haushi. Sai a ƙirƙiro wani aibi na wasa, wai matsalarta ɗaya, fara ce, tana saurin datti. Mai kallo ba yaro ba ne. Ya san ana ɓoye babba a bayan ƙarami.

Na uku shi nake so mu tsaya a kai. Mai bidiyon zai ɗauki fankar ya kwana da ita dare biyu ko uku, ya duba abin da aka rubuta a jikin batir, ya riƙe agogo. A ce batirin 12V 4.5Ah ne. Ka ninka 12 sau 4.5, ka samu 54, wato idan fankar na cin wat 18 a lamba mafi ƙarfi, awa 3 za ta yi a lissafi, a zahiri ma ba ta cika kaiwa ba. A lamba ta ƙasa, inda take cin wat 6 ko 7, za ta iya kusantar awa 8. Awannin da ke jikin kwali galibi na lambar ƙasa ne, ba a dai faɗa ba.

To ga yadda rubutun zai kasance:

"Jama'a, kwana uku fankar nan tana ɗakina. Na cika cajinta, na kunna ƙarfe goma na dare a lambar ƙarshe, kafin ƙarfe ɗaya ta mutu. Washegari na bar ta a lamba ɗaya, ta kai ni kiran assalatu. Saboda haka in kana son guguwa har safe, wannan ba taka ba ce, ka tambayi Alhaji babbar mai haɗe da sola. In kuwa ɗaki ɗaya ne, kana son yara su samu barci idan an ɗauke wuta, za ta yi maka. Kada ka riƙa bari cajin ya ƙare ƙaf, shi ke kashe irin batirin nan da wuri. In ya gaji ana canja shi, ba sai ka sayi sabuwar fanka ba."

Lura da inda aka ajiye aibin. Ba a ƙarshe aka jefa shi da sauri kamar mai jin kunya ba, a tsakiya yake, da ƙarfe nawa zuwa ƙarfe nawa. Nan take kuma aka biyo shi da wanda fankar ta dace da shi da wanda ba ta dace da shi ba. Shi wannan na biyun bai tafi shagon maƙwabci ba, an nuna masa wata hajar a shagonka. Wanda ya saya kuma ya san abin da ya saya, ba zai zo maka da rigima bayan kwana huɗu ba.

Tsadarsa ta fi, don aikin kwanaki ne, kuma dole ka haƙura da jin an ambaci raunin kayanka a bainar jama'a. Kana iya neman a gyara lafazi idan ya yi kaushi, amma kada ka ce a cire awannin, su ne ke sa a yarda da sauran maganar.

Akwai inda rubutu ba ya aiki. Idan a gwajin cajar ta yi zafin da hannu ba ya iya riƙewa, ko aka ji ƙaurin waya, wannan ya wuce aibin da za a bayyana a ci gaba da ciniki. Ka dakatar da bidiyon, ka sa a gwada wasu guda biyu daga kwalaye daban, in su ma haka ne ka mayar wa dilan da ya ba ka.