Saƙon Murya, Kiran Murya ko Kiran Bidiyo: Wanne Ya Dace da Mai Data Kaɗan a Kano?

Da wuya a sami unguwa a birnin Kano da ba ta da ɗan da ke ƙetare, ko ɗalibi a Masar ko Malesiya, ko mai neman abinci a Jidda, ko ɗan kasuwar Kantin Kwari da ya tafi saro kaya Dubai. Tun da Hukumar Sadarwa ta Ƙasa ta amince wa kamfanonin waya su ƙara kuɗin kira da na data da kashi 50 cikin ɗari a watan Janairun 2025, gidaje da yawa sun fara lissafin abin da zumunci ta waya ke ci musu. Akwai wani abu da ba kasafai ake lura da shi ba a cikin wannan lissafi: wanda ke ƙetare galibi yana kan Wi-Fi na gida ko na makaranta, saboda haka idan ya danna alamar kyamara a WhatsApp bai san ya kashe komai ba, amma mahaifiyarsa da ta ɗaga kiran a Gwammaja tana biyan kowane minti daga datar da ta saya. A kiran intanet duka ɓangarorin biyu ne ke biya, ba kamar kiran kati ba da mai kira kaɗai ake cirewa.

Saƙon murya shi ne mafi araha, kuma tazarar da ke tsakaninsa da sauran ba ƙarama ba ce. Wayar tana naɗar magana, ta matse ta cikin ƙaramin fayil, ta aika sau ɗaya, kuma minti guda na magana yakan kai kimanin kilobait 100 zuwa 150. Ma'ana, da megabait ɗaya mutum zai iya aika maganar minti bakwai ko fiye. Wanda aka aika wa zai sauke fayil ɗin sau ɗaya ne kawai, bayan haka ko sau nawa Hajiya ta sake sauraron muryar ɗanta, ba a cire mata ko kilobait ɗaya. Amfaninsa na biyu, wanda a ganina ya ma fi arahar muhimmanci, shi ne ba ya buƙatar sabis mai ƙarfi. Idan mutum yana cikin ɗaki mai kaurin bango a lungunan cikin Badala, wayarsa tana nuna harafin E a saman allo, saƙon zai tsaya da ƙaramar alamar agogo a gefensa har sai sabis ya dawo, sannan ya tafi da kansa cikakke, babu kalmar da ta yanke. Alamar maki ɗaya na nufin saƙon ya bar wayarka, biyu kuma na nufin ya isa wayar wancan.

Sai kuma batun bambancin lokaci, wanda saƙon murya ke warwarewa ba tare da an takura wa kowa ba. Saudiyya tana gaban Kano da awa 2, Dubai da awa 3, Malesiya da Sin kuwa da awa 7. Lokacin da magidanci ya dawo daga sallar isha'i ya zauna don gaisawa da ɗansa da ke Kuala Lumpur, can ƙarfe uku na dare ya wuce. Saƙon zai jira shi har ya tashi da asuba.

Amma saƙon murya yana da iyakarsa, kuma ya kamata a san ta. Ba a yin ta'aziyya da shi idan akwai halin kira, haka nan ba a yanke maganar aure ko ta gado da shi, domin wanda ke saurare ba zai iya tsayar da kai ya nemi ƙarin bayani ba, kuma ƙaramar rashin fahimta takan kwana ta kumbura kafin amsa ta iso. Sannan duk abin da aka naɗa yana nan a ajiye, ana iya tura shi ga wanda ba da shi aka yi maganar ba, don haka sirrin gida ba wurinsa ba ne. Haka kuma idan saƙo ya zo daga lambar ɗan'uwa ana neman a tura kuɗi cikin gaggawa zuwa wani asusun da ba a saba da shi ba, kada a wadatu da rubutu ko guntuwar murya, a kira shi kai tsaye a yi masa tambayar da ɗan gida kaɗai zai iya amsawa, saboda ana sace asusun WhatsApp.

Kiran murya yana tsakiya. Yakan ci kimanin rabin megabait a minti, wani lokaci ƙasa da haka, wani lokaci ya kusanci megabait ɗaya, gwargwadon ƙarfin sabis da saitin wayar. Dalilin da ya sa ya ninka saƙon murya sau uku ko huɗu shi ne layin yana buɗe ta fuska biyu tun daga sallama har zuwa sai anjima, kana aika muryarka kana karɓar tasa a lokaci guda, cikin ƙananan gutsattsari da dole su isa nan take. Wanda bai isa a kan lokaci ba ya ɓace ke nan, kuma wannan ne ke sa murya ta riƙa kakkatsewa. Idan ka ji kana magana sai bayan daƙiƙa biyu wancan ya amsa, har kuna yi wa juna katsalandan ba da niyya ba, ko allon ya nuna Reconnecting, to sabis ne ya yi rauni, kuma ci gaba da cewa "Kana ji na?" ɓarnar data ce kawai. Abin da ya fi shi ne a katse, a fito tsakar gida ko a matsa kusa da taga a sake kira, in ya ƙi a koma saƙon murya. Da daddare bayan isha'i, lokacin da kowa a unguwa ya hau waya, sabis yakan cunkushe, shi ya sa kiran da aka yi bayan sallar asuba yakan fi fita tas.

A WhatsApp akwai saitin da ke rage wannan ci. A shiga Settings, a zaɓi Storage and data, a kunna Use less data for calls. Murya za ta ɗan rage kyau, amma ana fahimtar juna sarai.

Kiran bidiyo ne ke cinye data da gaske. A lissafa masa kimanin megabait 5 a minti, wato ninkin kiran murya kusan sau goma, kuma abin mamakin shi ne ya fi ci a inda sabis ya fi kyau, domin manhajar tana ƙara ingancin hoto idan ta ga hanya a buɗe take. Mutane da yawa suna kashe kyamararsu suna zaton sun tsira, alhali rabin matsalar kawai suka rage, tunda hoton wancan yana ci gaba da saukowa. Sai duka biyun sun kashe ne kiran zai koma na murya. Kiran bidiyo yana kuma shan caji fiye da sauran biyun tare da sa waya ta yi zafi, abin da ba wasa ba ne a watan Afrilu a gidan da wuta ba ta zama. Duk da haka ba zan ce a bar shi ba, domin akwai abin da ido kaɗai ke gamsar da shi. Kaka tana son ganin jikan da aka haifa a ƙetare ranar suna, kuma uwar da aka ce mata ɗanta ya ji sauƙi ba za ta natsu ba sai ta ga fuskarsa. Irin wannan minti biyar ya cancanci megabait 25 ɗinsa.

Bari mu ɗauki gida guda mu yi lissafin. A ce dattijuwa ce a Fagge, ɗanta yana karatu a Malesiya, ana saya mata gigabait ɗaya a wata, wato kimanin megabait 1,000. Idan ɗan yana kiranta da bidiyo na minti 20 kullum, megabait 100 ke tafiya a rana, datar za ta ƙare a kwana goma ko da ba ta buɗe komai ba, sai a fara zargin kamfani ko yaran gida. Yanzu a sauya tsarin. Kullum su yi musayar saƙon murya na jimillar minti 10, wanda bai wuce megabait ɗaya da rabi ba, wato megabait 45 a wata. Sau biyu a mako su yi kiran murya na rabin awa, minti 240 ke nan a wata, kimanin megabait 120. Ranar Asabar da hantsi, lokacin da can yamma ta yi, su yi bidiyo na minti 15 domin a ga juna a gaisa da ƙanne, minti 60 a wata, megabait 300. Jimilla megabait 465, bai kai rabin abin da aka saya ba, kuma babu ranar da ba ta ji muryarsa ba. A lura cewa awa ɗaya ta bidiyo ta ci kusan ninki biyu na abin da awa tara na murya suka ci gaba ɗaya.

Waɗannan alƙaluma ƙiyasi ne, kuma kowa zai iya auna nasa. Kafin kira a danna *323# a ga ragowar data, bayan an gama a sake dubawa. A cikin WhatsApp kuma, ƙarƙashin Storage and data akwai Network usage, inda aka ware abin da kira ya ci daban da abin da Status da hotuna suka ci. Sau da yawa a nan ne ake gano cewa ba kiran ɗan'uwa ba ne ya cinye datar, bidiyoyin da ake turowa zauren dangi ne suke sauka da kansu. Maganinsa shi ne a shiga When using mobile data a cire alamar da ke kan bidiyo da hotuna; saƙon murya zai ci gaba da sauka da kansa, wannan saitin ba ya hana shi.

Kafin a tsayar da shawara, a tambayi ɗan'uwan abin da ke aiki a ƙasar da yake, domin ba ko'ina ake da zaɓi uku ba. A Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, inda Dubai take, an toshe kiran murya da na bidiyo na WhatsApp, amma saƙon murya yana wucewa, masu son kira kuma sukan yi amfani da manhajar Botim. A Saudiyya ma ba kullum kiran WhatsApp ke shiga ba, shi ya sa 'yan'uwanmu da yawa a can suka saba da IMO. A Sin kuwa WhatsApp ɗin ne gaba ɗaya a toshe, WeChat ake amfani da shi. Wannan ya shafi irin datar da za a saya a nan gida: ƙaramin tsarin da ake sayarwa domin WhatsApp kaɗai ba zai ɗauki kiran IMO ko na Botim ba, kuma kafin a dogara da shi ya kamata a gwada a tabbatar yana ɗaukar kira ko a cikin WhatsApp ɗin ma. Wanda ɗan'uwansa ke ɗaya daga cikin waɗannan ƙasashe, gara ya danna *312# ya sayi data ta gama-gari ta wata guda, sannan ya gaya wa na ƙetaren ƙarara ranar da za a yi bidiyo da tsawon lokacin da datar gida za ta iya ɗauka.