Sunan kasuwanci ko kamfani mai Ltd: wanne za ka yi wa rajista?

Duk wanda ya je yin rajista a CAC, hukumar rajistar kamfanoni ta Najeriya, ko ya aiki wakili, tambayar farko da za a yi masa ita ce sunan kasuwanci yake so ko kamfani. Da yawa kan tambayi wanne ya fi araha, su zaɓi wancan. Wasu kuma su zaɓi kamfani don Ltd a jikin allon shago ya fi kwarjini. Duka biyun ba su taɓo ainihin maganar ba. Abin da kake saye idan ka yi rajistar kamfani katanga ce tsakanin aljihunka da bashin kasuwancinka, kuma sai ranar da ciniki ya karye ake gane ko katangar ta ginu.

Bari mu ɗauki misali guda mu bi shi har ƙarshe. A ce wani ɗan kasuwa a Dawanau yana harkar riɗi. Ya karɓi kaya bashi na naira miliyan 18 daga mutum uku, ya tura Legas, mai saye ya ce riɗin ya sha danshi ya ƙi karɓa, aka sayar da shi a wulaƙance. Bayan kuɗin mota da na sito, abin da ya rage a harkar, kuɗi da ragowar buhuna, miliyan 5 ne. Mutumin yana da gidansa na zama, yana da mota, yana da fili a ƙauye.

Idan sunan kasuwanci ya yi wa rajista, wato takardarsa mai lamba BN ce, to a idon doka shi da kasuwancin abu ɗaya ne. Sunan laƙabi ne kawai da gwamnati ta san da shi. Masu bin bashi za su kai shi ƙara shi kansa, kuma idan suka yi nasara, giɓin miliyan 13 zai bi shi har gida. Ana iya riƙe kuɗin da ke asusunsa na banki, a kama mota a yi gwanjonta, idan bai isa ba a nemi izinin kotu a sayar da fili ko gidan. In kuma su biyu ne suka haɗa jari a ƙarƙashin sunan, abin ya fi muni, domin bashin da abokin haɗin gwiwarka ya ciyo da sunan harkar yana iya faɗowa kanka gaba ɗaya idan shi ba shi da abin biya.

Yanzu a ce kamfani ne, mai lamba RC. Daga ranar da aka ba da takardar rajista, doka tana ɗaukar kamfanin a matsayin wani mutum daban. Yana mallakar kaya da sunansa, yana cin bashi, yana kai ƙara, ana kai shi. Riɗin nan kamfani ne ya saya, don haka kamfani ake bi. Mai kamfanin kuwa iyakar abin da ke wuyansa shi ne kuɗin hannun jarin da ya ɗauka bai gama biya ba. A ce ya ɗauki hannun jari na naira miliyan 1, ya zuba 600,000. Idan aka zo rufe kamfanin za a ce ya cika 400,000 da suka rage, shi ke nan. Masu bashi za su raba miliyan 5.4 a kan miliyan 18, kwabo 30 ke nan a kowace naira, tun ma kafin a cire kuɗin aikin rufewar. Gida da fili ba su shiga lissafi ba.

Wannan ƙa'ida ta samo tushe ne daga wata shari'a a Ingila a 1897. Aron Salomon mai sana'ar takalman fata ne a Landan, ya mayar da sana'arsa kamfani. Dokar lokacin tana neman mutum bakwai, sai ya ba matarsa da 'ya'yansa biyar hannun jari ɗaya-ɗaya, shi ya riƙe 20,001. Da kamfanin ya durƙushe, aka yi ta jayayya cewa ai Salomon ne kamfanin, sauran duk 'yan rakiya ne, don haka ya biya daga aljihunsa. Kotun ƙoli ta ƙasar ta ce a'a: tun da an yi rajista bisa ƙa'ida, kamfanin daban, Salomon daban. Kotunan Najeriya suna bin wannan hukunci har yau. Dokar kamfanoni ta 2020, wadda aka fi sani da CAMA, ma ta sauƙaƙa abin, domin yanzu mutum ɗaya tak yana iya kafa kamfani mai zaman kansa ba tare da aron sunan matarsa ko ƙaninsa ba. Mafi ƙarancin jarin hannun jari ga irin wannan kamfani naira 100,000 ne.

To amma kada mai karatu ya yi saurin murna, don katangar tana da kafofi, kuma ƙananan 'yan kasuwa ta cikinsu suke faɗawa.

Babbar kafa ita ce banki. Manajan banki ya san wannan doka fiye da kai. Ba zai ba ƙaramin kamfani rance ba sai darakta ya sa hannu a takardar garanti, wato ya tsaya wa kamfanin da kansa, ko ya ajiye takardar gidansa jingina. Da ka sa wannan hannun, game da wannan bashin ka rushe katangar da kanka. Mai riɗinmu, in da ya ci bashin banki na miliyan 4 da garanti, banki zai bi shi har gida kamar bai taɓa yin rajistar kamfani ba. Ka karanta duk inda aka ce ka sa hannu sau biyu, ɗaya a madadin kamfani, ɗaya da sunanka. Na biyun nan shi ne mai cizo.

Kafa ta biyu ta fi kusa da yadda muke ciniki. A kasuwanninmu mutum ake ba bashi, ba takarda ba. Dillali ya san fuskarka, ya san gidanku, aka yi magana a rumfa aka tafa. Babu rasit mai sunan kamfani, kuɗin da ka fara biya daga asusunka na kanka ya fita. Ranar shari'a za ka ce kamfani ne ya saya, su kuma su ce ba su taɓa jin sunan wani kamfani ba, kai suka ba kaya. Da me za ka ƙaryata su? Kamfanin da ke kwance a durowa ba ya kare kowa. Sai rasit da yarjejeniya da asusun banki duk suna ɗauke da cikakken sunansa har da Ltd ɗin, kuma duk inda ka sa hannu ka nuna a madadinsa ka sa.

Sai kuma zamba. Kotu tana iya ɗage labulen ta kama wanda ke baya idan an yi amfani da kamfani don cutar mutane. Wanda ya ci gaba da karɓar kaya bashi alhali ya san kamfanin ya riga ya mutu, ko ya karɓi kuɗin kwangila ya karkatar da su da niyyar damfara, ko ya kwashe kadarar kamfani ya mayar sunan matarsa da ya hango masu bashi, doka ta ba da damar a ɗora masa bashin a wuyansa. Haka in kai da hannunka ka yi ɓarnar, misali kana tuƙa motar kamfani ka buge wani, Ltd ba zai hana a tuhume ka ba.

Akwai kuma gefen da mutane ba sa so su ji. Katanga ba ta san mai gida ba, kowa take tarewa. Kuɗin kamfani ba kuɗinka ba ne, ko da kai kaɗai ke da shi. Ba za ka zari na cefane ko na kujerar Makka daga asusunsa haka kawai ba. Sai dai ya fita a matsayin albashi, ko rabon riba, ko rance da aka rubuta. A 1925 an yi wata shari'a ta wani mai suna Macaura a Ailan, wanda ya sayar wa kamfaninsa katakon gandunsa, sannan ya yi wa katakon inshora da sunansa shi. Gobara ta cinye kayan, kotu ta ce ba za a biya shi ba, don katakon na kamfani ne, ba nasa ba. Duk wanda ya mayar da shagonsa kamfani ya bar inshora ko takardar haya ko ta mota da tsohon suna, ya tuna da wannan mutumin.

Wani amfani da ni nake ganin ya kai kariyar bashi nauyi shi ne maganar gado. Sau nawa muka ga babban shago ya watse cikin shekara ɗaya da rasuwar mai shi, an ƙirga kaya an raba, kowa ya kama gabansa? Kamfani ba ya mutuwa da mutuwar mai shi. Abin da magada za su raba hannun jari ne, kowa gwargwadon rabonsa, shago da sito da kwastomomi suna nan a dunƙule. Sai dai in kai kaɗai ne darakta kuma kai kaɗai ke sa hannu a banki, komai zai tsaya cik har a gama takardun gado. Shi ya sa nake ba da shawarar a sa darakta na biyu tun da wuri, ko da dokar ta yarda ƙaramin kamfani ya zauna da ɗaya.

Ta fuskar ɗawainiya, sunan kasuwanci ya fi sauƙi da araha, kuma harajinka na mutum ne da kake biya wa jiha. Kamfani kuɗin rajistarsa yana ƙaruwa da girman jarin da ka rubuta, yana hulɗa da hukumar harajin tarayya, kuma dole ya riƙe littafin lissafi ya miƙa bayanan haraji ko da an yafe masa biya saboda ƙanƙanta. Dukansu biyu suna kai rahoton shekara ga CAC, kuma tara tana taruwa a kan wanda ya yi sakaci. Dokar 2020 ta rage wa ƙaramin kamfani nauyi: wanda cinikinsa na shekara bai wuce naira miliyan 120 ba, kadararsa bayan cire bashi ba ta wuce miliyan 60 ba, ya kuma cika sauran sharuɗɗan, ba dole ne ya naɗa mai binciken lissafi ko sakataren kamfani ba.

Akwai zaɓi na uku da dokar ta kawo, LLP, haɗin gwiwar mutum biyu ko fiye mai irin wannan kariya. Ya fi dacewa da masu sana'ar ƙwarewa irin su akantoci da injiniyoyi. Mai kasuwanci a Maraɗi ko Damagaram kuma, kwatankwacin Ltd a can shi ne SARL a ƙarƙashin dokokin OHADA, wato dokokin kasuwanci na bai-ɗaya da Nijar da wasu ƙasashen Afirka ke bi, kuma shi ma mutum ɗaya yana iya kafa shi.

Ni dai ga yadda nake auna abin. Mai ɗinki, mai shagon kayan masarufi, mai gyaran waya, wanda yake saye da kuɗi hannu ya sayar da kuɗi hannu, babban abin da zai iya asara shi ne jarin da ke shagon. Sunan kasuwanci ya ishe shi buɗe asusu da buga rasit, kamfani zai zame masa kashe kuɗi a banza. Amma da zarar ka fara karɓar kaya bashi da ya fi ƙarfin jarinka, ko ka ɗauki ma'aikata da motoci a hanya, ko za ka haɗa kuɗi da wani, ko kana neman kwangila, to lokacin kamfani ya yi. Lissafin mai sauƙi ne: rubuta mafi girman bashin da ka taɓa ɗauka lokaci guda, ka cire abin da ke cikin harkar a ranar. A misalinmu miliyan 13 ne. In naka giɓin ya kai kuɗin gidanka ko ya doshi haka, ka yi rajistar kamfani kafin kakar bana, ka buɗe masa asusunsa, ka kuma sanar da masu ba ka kaya a rubuce cewa daga yanzu da kamfanin suke ciniki. Bashin da ka ci kafin ranar rajista kuwa yana nan a wuyanka, sabuwar takarda ba ta goge shi.