Wata huɗu da manhajar rasit: an ɓoye maɓalli, an bar ƙofa a buɗe

Wata huɗu ke nan muna amfani da wata manhajar yanar gizo wajen fitar da rasit da lissafin ciniki. Ba zan kama sunan kamfanin ba. Tana da sauri, rahotonta na ƙarshen wata yana fita tsaf, kuma sabon ma'aikaci yana gane kanta cikin yini guda. Abin da ya ja hankalina tun farko shi ne rabon matsayi: akwai manaja, akwai akawu. Manaja yana ganin maɓallin `Delete` a gefen kowane rasit, akawu ba ya gani. Na ɗauka magana ta ƙare.

Ashe da sauran rina a kaba. Wata rana na shiga da asusun akawu na gwaji, na danna F12, mai buɗe kayan binciken burauza, don in duba dalilin da wani shafi ke nauyi. A cikin lambobin shafin sai ga maɓallin nan yana zaune daram, an lulluɓe shi da `display: none` kawai. Na cire layin, maɓalli ya bayyana.

Wannan kaɗai ba laifi ba ne. Duk abin da ya sauka a burauza ya zama na mai burauzar, yana iya sauya shi yadda ya ga dama. Tambayar ita ce: idan buƙatar gogewa ta isa sabar, wato kwamfutar kamfanin da ke riƙe da bayanan, me za ta ce? Don in sani, na ƙirƙiri rasit biyu na bogi a asusunmu, masu lamba 1041 da 1042. Na buɗe sashen `Network` na kayan binciken, na goge na farko a matsayin manaja, na zaɓi `Copy as cURL` don in kwafi buƙatar. Sannan na sauya lambar rasit, na cire shaidar shigar manaja na sa ta akawu:

```
curl -i -X DELETE https://example.com/api/invoices/1042 \
  -H "Authorization: Bearer <token>"
```

Amsar da ta dawo ita ce `204 No Content`, wato an goge. Na koma shafin manaja, babu 1042, babu alamarsa.

Da na aika buƙatar babu shaida kwata-kwata, sabar ta ce `401`. Ma'ana tana tambayar "wane ne kai?", kuma tana korar wanda ba ta sani ba. Abin da ba ta tambaya shi ne "kana da hurumin yin wannan aiki a kan wannan rasit?" Da ta tambaya, da akawu ya sami `403 Forbidden`. Tambayoyi biyu ne daban, kuma ta biyun dole a maimaita ta a kowace buƙata, domin sabar ba ta ganin allon mutum. Ba ta san ko maɓalli ya danna ko da hannu ya rubuta buƙatar ba. Saƙo iri ɗaya ne ke iso mata. Ba mamaki da ƙungiyar OWASP ta sa matsalar tsare izini a lamba ta ɗaya cikin jerin haɗurra goma na manhajojin yanar gizo da ta fitar a 2021.

Na rubuta wa kamfanin, na haɗa da matakan da na bi. Sun amsa da wuri, wannan kam na yaba musu. Amma gyaran farko ya ba ni dariya da takaici lokaci guda: sun cire maɓallin gaba ɗaya daga shafin akawu, suka ce in duba. Na duba, babu shi ko a lambobin shafi. Na ƙirƙiri wani rasit, na sake aika umarnin nan, ya sake gogewa. An yi wa bango fenti ne, tsagar tana nan.

Sai a karo na biyu wani injiniyansu ya karɓi maganar. Ya ce yanzu sabar tana ɗauko matsayin mutum daga rumbun bayananta, ba daga abin da burauza ta faɗa ba, kuma duk aikin da ba a ba wa matsayi a fili ba, hana shi ake yi. Na gwada, na sami `403`. Na ƙara da gwajin da ya fi tayar mini da hankali: akawun reshe ɗaya ya nemi karanta rasit na wani reshe ta hanyar sauya lamba a adireshi. Shi ma an hana.

Ɓoye maɓallin yana da amfaninsa, yana rage wa akawu ruɗu da danna abu bisa kuskure, kuma ina so a bar shi haka. Zan ci gaba da amfani da manhajar, tauraro uku cikin biyar nake ba ta. Ɗaya ya tafi saboda ramin, ɗaya kuma saboda har yau ba ta ajiye tarihin wanda ya goge rasit. Na wata ukun farko ba ni da hanyar tabbatar da cewa rasit ɗina na gwaji ne kaɗai suka ɓace da shaidar akawu, sai dai in zauna in bi lambobin rasit ɗaya bayan ɗaya ina neman giɓi. Na fara jiya, na kai 300.