Wace hanya ce ta fi rage yawan masu rajista da ba sa zuwa taron kyauta?

Duk wanda ya taɓa shirya bita ko lacca ta kyauta a Garwa, Marwa ko Ngaundare ya san yadda takardar rajista take cika har ta tumbatsa, amma idan ranar ta zo sai a tarar rabin kujeru babu kowa a kansu. Na ga haka da idona a wata bita ta yini ɗaya da muka shirya wa teloli a Garwa kan yadda ake rubuta kuɗin shiga da na fita. Mutum 90 suka rubuta suna, 41 suka zo, alhali mun riga mun biya mai abinci kuɗin mutum 90 a kan sefa 1,000 kowane faranti, wato abincin sefa 49,000 ya rasa masu shi, sai da yamma muka raba wa almajirai da maƙwabtan zauren. Tun daga lokacin na gwada hanyoyi da dama waɗanda ba sa cin kuɗi, ko kuma abin da suke ci bai wuce katin waya ba, kuma su ne zan kwatanta a nan domin mai shirya taro ya zaɓi wadda ta dace da jama'arsa.

Kafin a zaɓi magani ya kamata a gane cewa waɗanda ba sa zuwa ba iri ɗaya ba ne. Akwai wanda ya manta, musamman idan an buɗe rajista wata guda kafin taron. Akwai wanda tun farko bai yi niyya ba, ya rubuta sunansa ne don kunyar wanda ya miƙo masa takardar, ya kuma ce "in sha Allahu" irin wadda kowa ya san ma'anarta. Akwai wanda ya yi niyya tsakani da Allah amma suna, ɗaurin aure ko rasuwa suka faɗo masa, ko ya wayi gari babu kuɗin babur na zuwa da komowa, ko matar aure da ba ta sanar da maigida da wuri ba. Akwai kuma wani rukuni da ba a cika faɗa ba, wato waɗanda suka saba da bitar ƙungiyoyin agaji inda ake ba da kuɗin mota, suka yi rajista bisa wannan zato, da suka ji babu sai suka janye shiru. Tunatarwa tana maganin rukunin farko ne kawai, shi ya sa mutane da yawa suke ta aika saƙo amma ba su ga canji sosai ba.

Hanyar da kowa ya fi saurin kamawa ita ce buɗe zauren WhatsApp a zuba duk masu rajista a ciki. Tana da sauƙi, kuma ana iya aika saƙon murya da Hausa da Fulatanci ga waɗanda karatun Faransanci yake ba su wahala. Aibinta shi ne cikin kwana biyu zauren yakan cika da gaisuwa da hotunan barka da Juma'a, mutane su rufe masa murya, saƙon da ya fi muhimmanci ya nutse. Wani abin kuma, babu mai son ya rubuta "ba zan zo ba" a gaban mutum casa'in, saboda haka zauren ba ya gaya wa mai taro abin da ya fi bukatar sani. Idan dole ne a buɗe shi, a saita shi yadda masu kula kaɗai za su iya rubutu.

Jerin aika saƙo ga mutane da yawa na WhatsApp ya fi zaure, domin saƙon yana shiga wa kowa shi kaɗai, amsarsa ma mai taro kaɗai ke gani. Sai dai yana da sharaɗi biyu da ke kayar da mutane: jeri ɗaya ba ya wuce lamba 256, kuma saƙon ba ya isa ga wanda bai ajiye lambar mai aikawa a wayarsa ba. Alamar hakan ita ce saƙon ya tsaya da maki ɗaya tak a wurin mutane da yawa, ko da yake wanda data ta ƙare masa ma haka zai nuna. Maganinsa shi ne a ce wa kowa ya ajiye lambar tun a wurin rajista, a gaban mai rubutawa.

Saƙon tes na yau da kullum yana isa ƙaramar waya kuma ba ya bukatar data, don haka shi ya fi dacewa idan jama'ar daga ƙauyukan kewaye suke, ko dattawa ne. Yana cin ɗan kuɗi, sai dai idan mutum yana da garaɓasar saƙonni a layinsa na MTN ko Orange. A lura da wani abu: saƙo ɗaya yana ɗaukar harafi 160, amma da zarar an sa ƙ, ɗ ko ɓ sai ya koma 70, a caji mutum kuɗin saƙo biyu ko uku. A nan kaɗai nake yarda a rubuta Hausa babu lanƙwasa.

Kiran waya ya fi duk waɗannan ƙarfi, domin murya tana ɗaure mutum fiye da rubutu, kuma a cikin magana ne ake jin ainihin dalili. Amma kiran mutum 90 aikin yini ne, kuma kunya tana nan, mutum zai ce "ina nan tafe, Malam" don kawai a rabu lafiya. Na fi ganin amfaninsa idan an keɓe shi ga waɗanda suka yi shiru, kuma mai kiran ya buɗe musu ƙofar fita da kansa, ya ce: "Hajiya, idan wani uzuri ya taso babu komai, akwai wata a layi da za mu ba kujerar." Wannan jimlar tana mayar da janyewa ta zama alheri ga wani, maimakon ta zama saɓa alkawari.

A ganina hanyar da ta fi kowace ita ce tabbatarwa ta biyu haɗe da jerin masu jira, sauran hanyoyin kuwa kayan aikinta ne. Ga yadda muka yi a bita ta biyu, a zaure mai kujera 60. Mun buɗe rajista kwana goma kacal kafin taron, muka kuma rubuta ƙarara cewa akwai abincin rana amma babu kuɗin mota. Mun karɓi suna 90, muka sanar da 75 na farko cewa suna da gurbi muddin suka tabbatar, 15 na ƙarshe kuma suna jira. Taron ranar Asabar ne, don haka ranar Laraba da safe muka aika wa kowa saƙo shi kaɗai, da sunansa a kai, muka nemi ya amsa da "zan zo" ko "ba zan zo ba" kafin magaribar Alhamis, tare da bayanin cewa wanda bai amsa ba za a ba wani gurbinsa. Mutum 52 suka ce za su zo, 11 suka janye, 12 suka yi shiru. Daren Alhamis muka kira waɗannan 12, huɗu suka tabbatar, uku suka janye, biyar ba a same su ba. Muka koma ga masu jira ranar Juma'a da safe, 12 suka karɓa, adadin ya zama 68. Abinci muka yi odar na mutum 60, kuma 57 ne suka zo.

Za a ga cewa mun bar adadin ya haura kujeru da takwas da gangan. Ƙara mutane fiye da gurbi hanya ce mai kyau, amma a kan waɗanda suka tabbatar ake yin lissafinta, ba a kan ɗanyen rajista ba, kuma da alƙaluman taron da mutum ya yi da kansa. Tunda 57 daga cikin 68 suka zo, wato kusan 84 cikin ɗari, a taro na gaba mai irin wannan jama'a za mu iya tabbatar da mutum 71 don cika kujera 60. Wanda bai taɓa ƙirga nasa ba ya fara da ƙari kaɗan, ya kuma tanadi benci biyu ko tabarma a gefe, domin mayar da dattijon da aka gayyata daga bakin ƙofa ya fi kujera goma babu kowa muni.

Idan masu zuwa 'yan ƙungiyoyi ne, kamar matan adashi ko teloli masu shugaba, akwai hanyar da takan fi waya, wato a ba kowane shugaba gurbi biyar ko goma, shi ya kawo mutanensa, ya kuma maye gurbin wanda ya fasa. Mutum yakan ji nauyin shugabarsa ta adashi fiye da baƙuwar lamba. Haɗarinta shi ne shugaba ya cike gurbin da 'yan gidansa waɗanda ba su da alaƙa da abin da za a koyar, saboda haka a nemi sunaye da sana'ar kowa tun da wuri.

Hanyoyi biyu kuwa ba na ba da shawararsu sai da dalili. Karɓar kuɗin ajiya, misali sefa 500 da za a mayar wa mutum idan ya zo, yana rage rashin zuwa, amma taron ya daina zama kyauta a idon jama'a, yana korar wanda aka fi so ya amfana, kuma rabon canji a bakin ƙofa da zargin an ci kuɗin wanda bai zo ba ba ƙaramin ciwon kai ba ne. Hana wanda ya saɓa shiga taro na gaba ma yana da tsauri a wurin da rasuwa ke tayar da unguwa guda ba shiri. Abin da ya fi sauƙi shi ne wanda ya ƙi zuwa bai kuma sanar ba a sa shi a jerin masu jira a karo na gaba, wanda ya sanar kuwa ko da safiyar ranar ce a bar shi a matsayinsa.

Duk da haka babu tabbatarwar da za ta gyara ranar da aka zaɓa ba daidai ba. A Garwa zafin Maris da Afrilu yana hana mutane fita da tsakar rana, a watan Agusta kuma ruwan safe kan tsayar da masu babur. Wanda jama'arsa 'yan kasuwa ne kada ya sa taro ranar Lahadi idan suna cin kasuwar Pitowa da ke kusa da Garwa, haka manoman auduga lokacin tsinka, haka Juma'a daga hantsi zuwa saukowa daga masallaci. Saƙon ƙarshe na daren jajibiri kuma ya zama gajere, ya ƙunshi lokacin buɗe ƙofa, da kwatancen da mai babur zai gane, wato sunan unguwa da masallaci ko gidan man da ke kusa, da lambar wanda za a kira idan an ɓata. A bitarmu ta biyu mutum uku suka kira wannan lambar da safe suna tsaye a wani layin daban, aka tura yaro ya taho da su.