Taƙaitawa ko suka: wanne zan sa a ƙarƙashin kowane littafi?

"Salamu alaikum 'yan uwa. A kwas ɗinmu na dunƙulewar duniya da ƙaurar ma'aikata an ce kowa ya haɗa jerin manazarta guda 15 da sharhi a ƙarƙashin kowanne. Wata ta ce min kawai in taƙaita abin da marubucin ya faɗa, wani kuma ya ce a'a sai na yi suka. Ni dai kaina ya kulle, wanne ne daidai kuma ya bambancinsu yake a aikace?"

Wa alaikumus salam ƙanwata. Duka biyun ana yi, babu wanda ya yi miki ƙarya a cikinsu, amma a kwas irin wannan na biyun ne zai fisshe ki, kuma bari in ɗora su a kan takarda ɗaya ki gani da idonki, don in aka tsaya bayani a iska ba a gane wa.

Ɗauki maƙalar Harris da Todaro ta 1970, wadda da wuya a yi wannan kwas ba a sa ta ba. Mai taƙaitawa zai rubuta wani abu kamar haka: marubutan sun nuna cewa mutum yana barin ƙauye ya tafi birni ne saboda albashin da yake sa ran samu, ba albashin da ake biya a zahiri ba, shi ya sa ƙaura ke ci gaba ko da akwai rashin aikin yi a birnin, maƙalar tana da amfani ga mai nazarin ƙaura. Shi ke nan ya gama. Kuma abin da ya faɗa daidai ne. Lissafin nasu ma mai sauƙi ne, misali in aikin birni yana biyan dubu 100 a wata amma mutum ɗaya cikin biyu ne ke samu, to abin da mai tafiya yake hange dubu 50 ne, in gonarsa tana ba shi dubu 30 zai kama hanya duk da ya san rabin waɗanda suka riga shi suna zaune a tasha ba aiki.

Mai suka kuma zai fara da wannan taƙaitawar a jimla biyu, sai ya ci gaba: maƙalar lissafin tattalin arziki ce, ba hira aka yi da matafiya ba, kuma ta fito ne daga yanayin gabashin Afirka musamman Kenya bayan samun 'yancin kai. Magana take kan ƙaura daga ƙauye zuwa birni a cikin ƙasa ɗaya, don haka babu biza, babu iyaka, babu ejan a cikinta, in za a ɗauke ta a kai kan masu tsallaka ƙasa sai an yi hattara. Ta kuma ɗauka mutum ɗaya ne ke yanke shawara shi kaɗai, wanda nan ne Stark da Bloom suka saɓa mata a 1985, suka ce gida ne ke tura mutum ɗaya waje don in damina ta ƙi a samu wata ƙofar. Zan yi amfani da ita a matsayin ra'ayin da sauran suke mayar wa martani.

Kin ga bambancin ko? Na farkon duk wanda ya karanta ɗan tsakuren da ke saman maƙalar zai iya rubuta shi cikin minti biyar, malamin ma ya san haka. Na biyun ba ya rubutuwa sai kin buɗe ciki. Kuma lura da wannan maganar ta "cikin ƙasa ɗaya", wallahi na ga ɗalibai da yawa sun rubuta cewa Harris da Todaro sun yi bayanin ƙaurar ƙasa da ƙasa, wannan kuskuren kaɗai ya isa ya tona cewa ba a karanta ba.

Wani abin da ke ruɗa mutane shi ne kalmar suka ɗin kanta. A Hausa in aka ce suka sai hankali ya tafi kan kushe, sai ki ga ɗalibi ya rubuta "littafin ya tsufa" ko "marubucin Bature ne bai san Afirka ba" ya ɗauka ya yi aiki. Wannan bai fi taƙaitawar ba, ya ma fi ta muni don za ki iya manna shi a ƙarƙashin kowane littafi ya zauna. Ni gwajin da nake yi ke nan, in na cire sunan littafin na sa wani sharhin bai canza ba, to ban ce komai ba. Sukar da ake nema ita ce ki faɗi da me marubucin ya kafa hujja, a ina hujjar ta tsaya, kuma da wa yake jayayya a cikin jerin naki.

Maganar tsufa ma akwai yadda ake faɗinta ta yi nauyi. Littafin Andrew Gardner, City of Strangers, na 2010, kan Indiyawa ma'aikata ne a Bahrain ƙarƙashin tsarin kafala, inda zaman ma'aikaci a ƙasa ke ɗaure da ubangidan da ya ɗauko shi. In kika ce ya tsufa kika yi shiru ba ki taimaki kowa ba. Amma in kika ce an rubuta shi kafin Katar ta cire sharaɗin neman izinin ubangida wajen canza aiki a 2020, da gyaran da Saudiyya ta yi a 2021 wanda bai haɗa da masu aikatau a gidaje ba, don haka bayanin doka sai an sabunta amma bayanin yadda bashin ejan da riƙe fasfo ke ɗaure mutum yana nan da ƙarfinsa, to yanzu mai karatu ya san wane ɓangare zai ɗauka wane zai bari.

Inda hanyoyin biyu suka fi rabuwa a ganina shi ne lokacin da kika jera littattafai kusa da juna. Taƙaitawa tana barin kowane littafi a ɗakinsa, guda 15 kowa na magana ba mai jin wani. Duba Michael Piore, Birds of Passage, 1979. Shi ya juya tambayar ne gaba ɗaya, ya ce ku daina kallon talaucin inda aka baro, ku kalli ƙasashe masu masana'antu, su ne ke da ayyukan ƙasa-ƙasa marasa tabbas da 'yan ƙasa ba sa so, su ne kuma ke zuwa su nemo baƙi. Saskia Sassen a 1988 ta ƙara da cewa jarin da ƙasashen nan ke zubawa a waje, masana'antun da suke kafawa don fitar da kaya, shi ke tumɓuke mutane daga sana'arsu ya kuma gina gadar da za su bi su taho, wato a nan ne ma dunƙulewar duniya ta shigo cikin maganar sosai. In kika taƙaita waɗannan ɗaya bayan ɗaya, mai karatu ba zai taɓa gane cewa rigima ake yi ba. Jimla ɗaya tak a ƙarshen sharhin Piore, cewa yana kallon ɓangaren masu ɗaukar aiki inda Todaro ke kallon mai tafiya, ta haɗa su.

Sannan ga inda ke kike da abin faɗa wanda ɗalibin wata ƙasa ba shi da shi. Duk waɗannan ra'ayoyin ki auna su da ci-rani. David Rain yana da littafi na 1999, Eaters of the Dry Season, sunan ma daga masu cin rani aka ɗauko shi, bincike ne a Maraɗi kan masu tafiya bayan girbi su dawo kafin shuka. Mutumin da ya bar ƙauye a Nuwamba ya je Kano ko Legas ya yi ga-ruwa ko yankan farce ya koma a Mayu, ba ya cikin hoton Piore don ba masana'anta ce ta kira shi ba, lissafin Todaro ma bai kama shi sosai ba tunda bai bar gonar ba, rage bakin da ke cin rumbu ma yana cikin dalilin tafiyar. Stark da Bloom ne suka fi kusa. Amma shi ma Rain kar ki ɗaga masa ƙafa don ya yi maganar gida, yanki ɗaya ne, lokaci ɗaya ne, kuma kafin dokar Nijar ta 2015 kan safarar baƙin haure da aka soke a 2023. Ki faɗi haka.

Rahotannin hukumomi kuma nan ne taƙaitawa take da haɗari na gaske, don lamba tana da kwarjini, mutum sai ya kwafa ya wuce. Ƙungiyar ƙwadago ta duniya ta ƙiyasta ma'aikata baƙi miliyan 169 a 2019. Mai taƙaitawa zai rubuta lambar. Mai suka zai ƙara cewa ƙiyasi ne da aka gina kan ƙidaya da binciken ƙasashe, kuma mai tsallakawa daga Maraɗi zuwa Jibiya na wata huɗu da wuya ya shiga irin wannan lissafi. Haka kuɗin da 'yan ƙasar waje ke aikowa gida, Bankin Duniya na sa na Najeriya wajen dala biliyan 20 a shekara, amma galibi abin da ya bi ta banki da kamfanonin tura kuɗi ne ake iya gani, wanda aka ba direba ko aka biya ɗan kasuwa a can ɗan'uwansa ya bayar a nan ba ya fitowa da kyau.

To ba wai taƙaitawa ba ta da rana ba. Ta fi sauri nesa ba kusa ba, kuma ga irin maƙalar Massey da abokan aikinsa ta 1993 da ta tattaro ra'ayoyin ƙaura ta jera su, yawancin sharhinki bayani ne zai zama, sai ɗan tsokaci cewa taswira ce ba sabon bincike ba. Ita ma zan ce ki fara karantawa kafin sauran, za ta nuna miki wa ke faɗa da wa. Suka kuma tana da nata tarkon, tana cin lokaci, kuma in ba ki karanta ba kika soki marubuci kan abin da ya riga ya amsa a babi na biyar kunya za ki sha. Ya taɓa faruwa da ni, na ce wani bai yi maganar mata ba ashe babi guda ya ware musu, malamin ya rubuta min lambar shafin kawai da jan biro.

A aikace ni kalma 120 zuwa 150 nake ba kowanne, kusan kashi ɗaya cikin uku taƙaitawa, sauran hujja da iyaka da alaƙa da maƙwabtansa. Ki riƙa rubuta lambar shafi tun kina karatu, ko a Zotero ko a bayan littafin rubutu. Wajen jerawa kuma salon APA bin haruffan sunayen marubuta yake so, amma ki tambayi malamin ko zai yarda ki kasa su gida-gida, masu ra'ayi, masu binciken fili, sai rahotannin alƙaluma, kowane gida ki bi haruffa a cikinsa. In ya ƙi, ki bar su a jere yadda ya ce, jimlar nan ta "wannan ya saɓa wa wane" ita za ta riƙe miki zaren.